Duza da Darasin Dalma: Dalilin da Ya Sa Takunkumi Yake Zuwa Ƙarshe

A watan Maris na 2010, likitocin ƙungiyar MSF suka lura cewa ƙananan yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum bayan farfaɗiya da suma. Bincike ya gano gubar dalma ce. Dutsen da ake haƙowa domin zinare yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo shi cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi. Ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Kimanin yara 400 suka rasu.

Masana lafiyar ma'aikata suna jera hanyoyin kariya hawa biyar. Na farko shi ne kawar da haɗarin, sai musanya shi da abin da bai kai shi illa ba, sai gyaran na'ura ko wurin aiki, sai dokokin aiki, sannan kayan kariyar jiki kamar takunkumi. Abin da ya faru a Duza da maƙwabtanta ya bayyana hikimar wannan jeri.

Takunkumi mai sanye da shi kaɗai yake karewa, shi ma sai ya dace da fuska, an sauya matacinsa, an kuma jure shi cikin zafin bazara. Waɗanda suka mutu kuwa ba su ne masu niƙan ba, yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar da ke haɗiyar ƙasa. Ko da kowane mahaƙi ya rufe hanci, ƙurar tana nan a daɓe da tufafinsa.

Magani ma bai wadatar shi kaɗai ba. Maganin DMSA yana fitar da dalma daga jini, amma yaron da ya koma gurɓataccen gida zai sake haɗiyarta. Saboda haka aka sa share ƙauye ya zama sharaɗin ci gaba da jinya. Da goyon bayan sarakuna aka fitar da niƙa bayan gari, sannan daga 2010 zuwa 2011 kamfanin TerraGraphics da gwamnatin Zamfara suka kankare saman ƙasar gidaje a ƙauyuka bakwai, ciki har da Duza, Dareta, Abare da Yargalma, aka binne ta a ramuka, aka zuba sabuwa. Bagega sai a 2013 aka kai gare ta.

Sai dai kawarwa tana da iyaka. Ba a iya raba dutsen da dalmarsa, kuma hana haƙa bai hana mutanen da zinare ke ciyarwa ba. A wuraren niƙa sai aka sauko hawa na uku, wato fesa ruwa a bakin inji, wanda gwajin da aka buga a 2019 ya nuna ya rage dalmar iska da kashi 95 cikin 100. Inda kuma aka dawo da dutse cikin gida, ƙasar da aka share ta sake gurɓata.