Asusun Kasuwa da Asusun Haɗaka: Ina Arahar Take?

Mai son zuba jari a kamfanoni da yawa lokaci guda, ba tare da ya zaɓi hannun jarin kowanne da kansa ba, yana da ƙofofi biyu. Ta farko ita ce asusun haɗaka, wanda ya samo siffarsa ta zamani a birnin Boston a 1924: mutum ya miƙa kuɗinsa ga kamfanin da ke kula da asusun, a rubuta masa kaso, ranar da yake son fita kuma kamfanin ne zai biya shi. Ta biyu ita ce asusun da ake cinikin kasonsa a kasuwar hannayen jari, wanda ke bayyana a allon dillalai da sunan ETF, kuma a nan za mu kira shi asusun kasuwa. Na farkonsa a Amurka, SPY, ya fito a watan Janairun 1993. An saba cewa wannan na biyun ya fi araha, ya fi sauƙin shiga da fita, kuma ba ya neman kuɗi mai yawa. Hujjar wannan maƙala ita ce, fifikon nan ya dogara ne ga yawan masu ciniki a kasuwar da aka jera asusun, kuma idan kasuwar ba ta da jama'a, lissafin yana iya juyewa.

Bambancin ya faro ne daga yadda ake yanke farashi. Asusun haɗaka a Amurka farashi ɗaya gare shi a rana. Idan an rufe kasuwar New York da ƙarfe huɗu na yamma, sai a haɗa darajar duk kadarorin asusun, a cire bashin da ke kansa, a raba da yawan kaso. Wanda ya ba da umarnin saye da safe da wanda ya bayar da azahar duk a kan wannan farashin za su saya, kuma babu wanda ya san shi a lokacin da yake ba da umarnin. Asusun kasuwa kuwa farashinsa yana motsi muddin kasuwa na buɗe, domin ciniki ne tsakanin mai saye da mai sayarwa. Abin da ke hana wannan farashin yin nisa da ainihin darajar kadarorin shi ne wasu manyan dillalai masu izini na musamman. Idan kaso ya yi tsada fiye da abin da ke cikinsa, sai su sayi hannayen jarin kamfanonin, su miƙa wa asusun, su karɓi sabon kaso a sari su sayar. Idan ya yi araha, sai su yi akasin haka. Ribar da suke nema ce take daidaita farashin.

Wannan tsari yana aiki sosai a ranakun da aka saba, amma an ga iyakarsa. A safiyar 24 ga Agusta, 2015, hannayen jarin kamfanoni da yawa sun yi jinkirin buɗewa a New York, dillalan suka kasa sanin darajar abin da ke cikin asusun, suka ja da baya. Wasu asusun kasuwa suka faɗi da fiye da kashi 20 cikin ɗari na ɗan lokaci, alhali ma'aunin S&P 500 bai faɗi fiye da kimanin kashi 5 ba. Waɗanda suka ba da umarnin a sayar musu a kowane farashi aka samu, su ne suka tafka asara ta gaske, kuma kafin azahar farashin ya dawo. Mai asusun haɗaka da ya nemi fita a ranar, darajar kadarorin ta ƙarfe huɗu aka biya shi. Shi ya sa ƙwararru ke cewa a riƙa sa wa umarni iyakar farashi, a kuma guji mintocin farko bayan buɗe kasuwa. A ganina, damar sayarwa a kowane minti ba ta da wani amfani sosai ga mai tarin kuɗin fansho ko na karatun 'ya'ya, tana ma iya zama hanyar da tsoro zai sa ya yi wa kansa ɓarna.

A batun kuɗin kulawa na shekara, misali mafi tsabta yana wajen kamfanin Vanguard, domin asusunsa na S&P 500 yana da fuskoki biyu a kan kadarori guda. Fuskar haɗaka, VFIAX, tana cin kashi 0.04 cikin ɗari a shekara, fuskar kasuwa, VOO, tana cin 0.03. A kan dala 10,000, wannan dala huɗu ke nan da dala uku. Ashe ke nan tsadar da ake jingina wa asusun haɗaka ba daga siffarsa take ba. Tana zuwa ne daga waɗanda ke biyan manajoji su zaɓi hannayen jari, wasunsu ma suna cire la'adar shiga da ta kai kashi 5.75. Kwatanta irin waɗannan da asusun kasuwa mai bin ma'auni kawai kwatanci ne na abubuwa biyu da ba aikinsu ɗaya ba.

Sannan asusun kasuwa yana da kuɗin da ba a rubuta shi a takardar bayani: la'adar dillali, da tazarar da ke tsakanin farashin da mai saye ya taya da wanda mai kaya ya nema. A SPY ko VOO tazarar ba ta taka kara ta karya ba. A Najeriya lamarin daban ne. An jera NewGold a kasuwar Legas a 2011, Vetiva Griffin 30 da Lotus Halal Equity suka biyo baya a 2014, amma har yau cinikin irin waɗannan asusu bai kai na manyan hannayen jari ba, kuma inda ciniki ya yi ƙaranci, tazara takan faɗaɗa. Mu ƙaddara lissafi da alƙaluman misali. Mutum yana da naira 500,000. Asusun kasuwa yana cin kashi 0.5 a shekara, na haɗaka yana cin 1.5, wato zai tsira da naira 5,000 kowace shekara idan ya zaɓi na farkon. Amma idan tazarar ta kai kashi 3, kuma la'adar saye da ta sayarwa sun haɗu sun yi kashi 2, shiga da fita sun ci masa naira 25,000. Sai ya riƙe kason shekara biyar kafin arahar ta mayar masa da abin da ya biya a ƙofa. Mai zubawa duk wata kuwa, kowane zubi da nasa shekara biyar ɗin. Ana iya gane wannan tun kafin a saya: a duba tayin saye da na sayarwa a allon dillali, a duba yawan kason da aka yi cinikinsa a kwanakin baya, a kuma gwada farashin da darajar kadarorin da manajan ya wallafa.

Mafi ƙarancin kuɗin shiga shi ma bin ƙasa yake yi. VFIAX yana neman dala 3,000 a zubin farko, VOO kuwa kuɗin kaso ɗaya ya isa, wasu dillalan ma suna sayar da gutsuren kaso. A Najeriya akwai asusun haɗaka da ake buɗewa da naira 5,000 kai tsaye a wajen manajan, yayin da asusun kasuwa ke buƙatar a fara buɗe asusu a wajen dillali da lambar ajiya ta CSCS. Ga malamin makaranta da ke ware naira 10,000 daga albashi, asusun haɗaka yana karɓar adadin cif-cif duk wata, babu canjin da zai rage, babu kuma jiran a sami mai sayarwa. Wanda ke da kuɗi dunƙule, da niyyar barinsa shekara goma, da dillalin da zai karɓi umarni mai iyakar farashi, shi ne asusun kasuwa zai fi amfana, matuƙar tazarar da ya gani a allo ba ta cinye rangwamen shekarun nan ba.