Rizista a Jere da Ƙwan LED: Dalilinta da Lissafin Ƙimarta

Ƙwan LED nau'in dayod ne da ke ba da haske idan karan ya ratsa shi ta hanyar da ta dace. Nazarin nan ya ɗauki misalin jan ƙwai mai faɗin milimita 5, wanda aka haɗa da batirin babur mai bolt 12.

Me ya sa ƙwan ba ya iya tsayawa shi kaɗai?

Domin ba ya bin Dokar Ohm. Kafin boltej ya kai wani mataki, kusan babu abin da ke wucewa ta cikinsa. Da zarar an kai matakin, wato kimanin bolt 2 ga jan ƙwai, ko 3 zuwa 3.3 ga fari da shuɗi, sai ɗan ƙari kaɗan ya ninka karan sau da yawa. Abin da ya fi muni shi ne zafi yana rage boltej ɗin da ƙwan ke buƙata, karan ya ƙaru, zafin ma ya sake ƙaruwa, har ƙwan ya ƙone. Rizista ce ke ɗaukar rarar boltej, ta kuma ƙayyade karan.

Yaya ake lissafin ƙimarta?

Ana cire boltej na ƙwai daga na batir, a raba abin da ya rage da karan da ake so, a ma'aunin amfiya:

```
R = (Vs − Vf) / I
R = (12 − 2) / 0.015 = 667 Ω
```

Ba a cika samun om 667 a kasuwa ba, don haka sai a ɗauki ta gaba da ita, om 680, mai zoben shuɗi, toka da ruwan ƙasa.

Me ya sa aka zaɓi miliamfiya 15 alhali irin wannan ƙwai yakan jure 20?

Nan ne masu gyara da yawa ke tuntuɓe. Batirin da ake kira mai bolt 12 yakan haura zuwa kusan 14.4 idan inji na cajinsa. A lokacin, bolt 12.4 ne ke kan rizista. Mai om 680 za ta bar miliamfiya 18 su wuce, babu matsala. Wanda kuwa ya yi lissafi da 20 ya samu om 500, ya ɗauki mai 470 don ita ce a hannu, ƙwansa zai sha 26. Ba nan take zai mutu ba. Haskensa ne zai riƙa dushewa a hankali.

Ita rizistar fa, ba ta zafi?

Tana yi. Bolt 12.4 sau amfiya 0.018 ya ba da kusan wat 0.22, dab da iyakar mai rubu'in wat. Mai rabin wat ta fi dacewa. Don tabbatarwa, a auna boltej a ƙafafunta biyu da mita, a raba da 680. Abin da ya fito shi ne ainihin karan da ƙwan ke sha.