Mayar da matiris mai diyagonal

Matiris A mai layi n da ginshiƙi n yana komawa mai diyagonal idan ana iya rubuta shi a matsayin A = PDP⁻¹, inda D ba shi da lamba sai a kan diyagonal. Sharaɗin shi ne a sami aiginbekta guda n waɗanda ba su dogara da juna ba.

Da farko ana warware det(A − λI) = 0 domin a fitar da aiginbalu. Misali, idan layukan A su ne (4, 1) da (2, 3), za a sami 5 da 2, masu aiginbekta (1, 1) da (1, −2). Waɗannan su ne ginshiƙan P, sannan a jera 5 da 2 cikin D bisa wannan tsari.

Matiris mai layuka (1, 1) da (0, 1) ba ya komawa, domin aiginbalunsa 1 ya maimaitu amma aiginbektocinsa duk suna kan miƙaƙƙen layi ɗaya.