Hoto, Sauti da Adalci: Gina Kacici-kacicin Imoji Domin Gasar Ɗalibai

Kacici-kacicin da ake kira rebus shi ne wanda ake jera hotuna a karanta su kamar kalma ko jimla. Dabarar ta girmi wayar hannu da dubban shekaru. A Masar, wajen shekara ta 3100 kafin Miladiyya, an rubuta sunan Sarki Narmer da hoton kifin tarwaɗa da na kurfi, domin sunayen abubuwan biyu a harshensu suna ba da sautin sunansa. Imoji kuwa na baya-bayan nan ne: Shigetaka Kurita ya zana guda 176 a Japan a 1999, hukumar Unicode kuma ta shigar da ɗaruruwansu cikin tsarinta a 2010. Abin da wannan maƙala ke da'awa shi ne, malamin da ke shirya wa ƙungiyar kacici-kacici irin waɗannan tambayoyi da Hausa ba hoto yake jerawa ba, sunan da ɗalibi zai kira hoton da shi yake jerawa. Duk tambayar da ba a auna ta da wannan ma'auni ba, caca ce ba gasa ba.

Mafi sauƙin gini shi ne harɗaɗɗiyar kalma, inda kowane hoto ke tsaye a madadin sunansa. 🏠🦟 gidan sauro ne, 👅🔥 harshen wuta, 🚪💧 kuma Ƙofar Ruwa ta birnin Kano. Waɗannan na buɗe fage ne, ba su cika ɗaure kai ba. Wanda ya fi su armashi shi ne 👂🦴, wato kunnen ƙashi, domin amsar ba kunne ba ce ba kuma ƙashi ba, halin yaron da ba ya jin magana ne. Ɗalibi sai ya tsallaka daga abin da ido ya gani zuwa abin da Bahaushe ke nufi, kuma a wannan tsallaken ne ilimin harshe yake.

Rebus na ainihi shi ne wanda ma'anar hoton ke faɗuwa, sautinsa kaɗai ya rage. A ɗauki 🐔 + 👰🤵. Hoton farko kaza, na biyu aure. Idan aka haɗa su, wasalin ƙarshen kaza ya haɗe da na farkon aure, sai a sami Kazaure, garin masarauta a Jihar Jigawa. Tambaya ce mai kyau, amma wurare uku take iya karyewa. Wani ɗalibin zai kira hoton farko zakara, musamman idan an yi sakaci an sa 🐓. Wani zai kira na biyu amarya da ango, ko biki. Idan kuma 💍 aka sa, zobe kowa zai ce. Na uku zai karanta hotunan daidai amma ya ce "auren kaza", kuma babu alƙalin da zai iya nuna masa inda ya kauce. Maganin duka ukun layi ɗaya ne a ƙarƙashin hotunan: "sunan gari, gaɓa uku". Wannan ba sassauci ba ne. Shi ne ke mayar da tambaya mai amsa da yawa ta koma mai amsa ɗaya.

Daga nan ana iya shigo da ragi, a cire gaɓa daga sunan hoto: (🐕 − re) + (🥛 − no). Kare ya bar ka, nono ya bar no, amsa Kano. Sai dai yawancin yaran birni madara za su gani a kofin nan, kuma ba a cire no daga madara. A nan ragin kansa ya zama mataimaki, domin mai lura zai gane cewa sunan da ake nema dole yana ɗauke da gaɓar no. A ganina wannan ita ce tambayar da ta dace da zagayen ƙarshe: tana da tarko, kuma mabuɗin tarkon yana cikinta.

Wata matsala da ta shafi Hausa ita ce ta karin sauti da tsawon wasali, waɗanda rubutun boko na yau da kullum ba ya nunawa. 🍲😭 za ta ba aji dariya, amsar kuwa miyar kuka. A takarda kalmar ɗaya ce, a baki biyu ce: kukan hawaye gaɓoɓinsa biyu duk sama suke, kukar itace kuwa ta farko sama, ta biyu ƙasa. Haka 🔴👂, jan kunne, inda ja na launi ke tsaye a sama, ja na janyewa kuma ke faɗowa. Wasu malaman harshe za su ce a haramta irin waɗannan, domin suna koya wa yaro cewa kari ba komai ba ne. Hujjarsu tana da ƙarfi, amma ban bi su har can ba. A bar su, a ware musu zagaye, a sanar tun farko cewa rubutu ake bi ba furuci ba, sannan a ƙara maki ga ƙungiyar da ta furta kalmomin biyu ta bambanta su. Ta haka abin da ake tsoron zai ɓata kunne ya zama darasin kari. Inda babu rangwame shi ne baƙaƙe masu ƙugiya. 🦁 zaki ne, ba zai taɓa zama zaƙi ba, domin nan rubutu da furuci duk sun raba su.

Karin magana na shiga, amma da sharaɗi. Imoji ba ya ɗaukar nahawu, sunaye kawai yake iya nunawa, sai alamar korewa. Don haka 💧🚫🧺 tana aiki, ruwa ba sa'an kwando ba ne, saboda sunayen biyu sun isa su tuno da sauran. Karin maganar da nauyinta ke kan aikatau ba ta ginuwa.

Akwai kuma iyakar da kayan aikin suka gindaya. Babu imojin ƙwarya, babu na turmi, babu na goro ko rijiya. Mai son Rijiyar Zaki dole ya ari 🕳️🦁, ya kuma san cewa "ramin zaki" amsa ce da ba ta da laifi sai an ce unguwa ce a Kano. Sababbin imoji ma ba sa fitowa a tsohuwar waya. Bukka 🛖 ta shigo a 2020, saboda haka ✋1️⃣🚫🛖, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, na iya bayyana da akwati fanko a ƙarshe. Zanen imoji kuma yakan bambanta daga wata waya zuwa wata. Shi ya sa bugawa a takarda ko haskawa a allo ɗaya ya fi tura wa kowa a wayarsa. Karin harshe ma na da hannu: 🐈 kyanwa ce a wani baki, mage a wani.

Gwajin da ke tona duk waɗannan ba shi da wuya. Kafin ranar gasa, a nuna hotunan ɗaya bayan ɗaya, ba a jere ba, ga ɗalibai biyar da ba sa cikin gasar, a tambaye su suna kawai. Hoton da huɗu ba su kira da suna ɗaya ba, a sauya shi ko a ƙara masa layin jagora. Sannan a rubuta wa alƙali takardar amsa mai ɗauke da amsar da ake nema, yadda aka gina ta, da sauran amsoshin da za a karɓa. Tambayar da aka kasa rubuta mata wannan takarda kada ta shiga zauren gasa.