Gano tilon karyayyen jam'i kafin buɗe ƙamus: nazari a kan aya ta 27 ta Suratu Faɗir

A Gwagwalada ɗaliban Larabci iri biyu suke haɗuwa a kan littafi guda. Akwai wanda ya taso a zaure, ya sauke Alƙur'ani, ya saurari Jalalaini daga bakin malami. Akwai kuma wanda ya biyo ta boko da Islamiyya har ya isa Jami'ar Abuja ko Kwalejin Ilimi ta Zuba, ƙamusun Hans Wehr a jakarsa ko a wayarsa. Dukansu an koya musu ƙa'ida ɗaya ta amfani da ƙamus: a cire ƙarin haruffa, a fito da saiwar kalma, a nema. Ra'ayin da wannan maƙala take karewa shi ne cewa ƙa'idar ta tsaya a rabin hanya. Saiwa tana kai mutum shafi ne kawai, shafin kuwa na iya ɗauke da kalmomi masu yawa da ma'anarsu ta yi hannun riga. Idan kalmar da ke cikin aya karyayyen jam'i ce, wato jam'ut taksir, tilonta ne kaɗai zai nuna layin da ya kamata a karanta.

Dalilin yana cikin tsarin ƙamusoshin kansu. Daga Lisanul Arab na Ibnu Manzur (ya rasu 1311) da Ƙamusul Muhiɗ na Fairuzabadi (ya rasu 1415) har zuwa Mu'ujamul Wasiɗ da ya fito a Alƙahira a 1960, al'adar ita ce a kawo tilo a yi masa bayani, sannan a ambaci jam'insa a baya. Fairuzabadi da Wasiɗ harafin jim kawai suke sakawa alamar jam'i. Bahaushe bai kamata abin ya zame masa baƙo ba, domin mai neman gulabe ko birane a ƙamusun Hausa ya san a ƙarƙashin gulbi da birni bayanin yake. Bambancin shi ne a Hausa kunnensa ya riga ya san tilon tun yana yaro, a Larabci kuwa sai ya gano shi da hujja.

Aya ta 27 ta Suratu Faɗir (lissafin ayoyi a nan na mus'hafin Hafsu ne, mai riƙe da na Warshu zai iya ganin lamba ta ɗan gota) ta dace da gwaji, saboda ta tara karyayyun jam'i bakwai a wuri guda. Tana magana ne a kan ruwan sama da 'ya'yan itatuwa, sannan ta koma kan duwatsu da launukansu. Biyu daga cikin bakwai ɗin, jibaal da alwaan, ba su da wata rigima: jabal da laun ne, dutse da launi. Sauran biyar ɗin su ne abin dubawa.

Ta farko judad ce. Saiwarta jim, dal, dal. Mai riƙe da Fairuzabadi zai je babin dal, fasalin jim, tunda shi da harafin ƙarshe yake farawa. A can zai tarar da jadd, wato kaka ko sa'a, da jidd, wato himma, da jadiid, sabo, da jaadda, babbar hanya, da judda. Kalmar da ɗalibi ya fi sani a cikinsu ita ce jadiid, don haka da sauri sai ya rubuta cewa a cikin duwatsu akwai sababbi. Fassarar ba ta da muni a kunne, kuma abin da ya sa take da haɗari ke nan. Amma awon kalmar bai goyi bayanta ba. Dal na farko wasali bisa yake ɗauke da shi, awon ya zama fu'al, wanda shi ne jam'in da aka saba yi wa fu'ula mai ɗauri a tsakiya: gurfa ta ba da guraf, umma ta ba da umam, saboda haka judda ta ba da judad. Shi kuwa jadiid sanannen jam'insa judud ne, da rufu'a biyu, kamar yadda sariir yake ba da surur. Jalaluddin Mahalli (ya rasu 1459), wanda shi ya rubuta wannan ɓangare na Jalalaini, ya faɗi tilon ƙarara, ya ce judda hanya ce a jikin dutse da makamancinsa. Masu ƙamus sun ƙara da cewa ana kiran zanen da ke bayan jaki, wanda launinsa ya saɓa wa na sauran jiki, da wannan suna. Duk wanda ya bi hanyar Kaduna ya wuce Zuba, ya ɗaga kai ya ga layukan da suka gangaro a jikin Dutsen Zuma, ya ga irin abin da ake nufi.

Sai dai awo shi kaɗai ba ya yanke hukunci, kuma a nan ya kamata mai koyarwa ya yi gaskiya da ɗalibansa. Malaman lugga sun ruwaito cewa wasu Larabawa sukan sauƙaƙa irin wannan jam'i mai maimaita harafi, su ce surar a maimakon surur, su kuma ce judad a jam'in jadiid. Ke nan ta fuskar sarfu zalla ƙofar "sababbi" ba ta rufu ruf ba. Abin da ya rufe ta shi ne maƙwabtan kalmar: siffofin launi ne suka biyo ta, fari da ja da baƙi, kuma ayar gaba ɗaya zancen bambancin launi take yi. Zane a jikin dutse shi ake siffantawa da launi. Sabunta ba ta da wurin zama a wannan zance.

Siffofin launin su ma kowacce da nata tarkon. Humr, da ɗauri a kan mim, awon fu'ul ne mai ɗauri, jam'in ahmar da hamraa'u, wato jajaye. Da an ɗora rufu'a a kan mim ɗin sai ta koma humur, jam'in himaar, jakuna, kuma wannan ma tana cikin Alƙur'ani a aya ta 50 ta Suratul Muddassir. Haruffan iri ɗaya ne, saiwar ɗaya ce, shafin ƙamus ɗaya ne. Suud jam'in aswad ce a kan awo guda, saiwarta sin, wawu, dal, inda za a tarar da sayyid ma yana zaune. Wadda ta fi rikitarwa ita ce biid, farare. Bisa ƙa'ida rufu'a ya kamata harafin farko ya ɗauka kamar 'yan'uwansa, amma saboda harafin tsakiya ya'u ne, sai aka mayar da rufu'ar wasali ƙasa don ya'un ya tsira. Ɗalibin da bai san wannan sauyi ba ba zai gane cewa awonsu ɗaya da humr ba, kuma idan rubutun ba wasali zai iya karanta baid, ƙwai, kamar yadda ta zo a aya ta 49 ta Suratus Saffat. Irin wannan sauyi ne ya haifar da iin ta Suratul Waƙi'a, jam'in ainaa'u, mai manyan idanu, wadda rubutunta ɗaya da ain, ido ko marmaro.

Saura garaabiib. Saiwarta gain, ra, ba, kuma ɗalibi yakan yi tsalle zuwa gariib, baƙo, ko guraab, hankaka. Hanyar kore su mai sauƙi ce, kuma ita ce gwajin da ya kamata a yi wa kowane tilo da aka zata: a duba ko ƙamus ya lissafa jam'in da ke hannu a ƙarƙashinsa. Gariib jam'insa gurabaa'u, guraab kuma girbaan ko agriba. Babu garaabiib a cikinsu. Awon fa'aaliil yana neman tilo mai dogon wasali kafin harafin ƙarshe, kamar ƙindiil da ƙanaadiil, sai a samu girbiib, baƙi ƙirin. Tilon da ƙamus bai haɗa shi da jam'in ba, zato ne har yanzu, komai kyawun ma'anarsa.

A duk misalan nan saiwar daidai take, layin ne ake kuskurewa. Akwai inda rashin sanin tilo yake ɓatar da saiwar ma. Aljawaar ta aya ta 24 a Suratur Rahman an rubuta ta ba ya'u a ƙarshe, sai mai cire ƙarin haruffa ya ga jim, wawu, ra, ya faɗa cikin maƙwabtaka da zalunci. Alhali wawun ba na asali ba ne, na awon fawaa'il ne, wanda yake fitowa daga alifin faa'ila. Tilon jaariya ne, mai gudu, wato jirgin ruwa, saiwar kuma jim, ra, ya'u. A nan almajirin allo ya fi ɗan boko sa'a, domin a ruwayar Warshu ana furta ya'un wannan kalma a Suratush Shura idan an sadar da karatu, don haka harafin da ya ɓace a rubutu yana bakinsa.

Za a iya cewa duk wannan wahala ce ta banza, tunda tafsiri ya riga ya faɗi tilon, kuma fassarorin Hausa, irin ta Shehu Abubakar Mahmud Gumi da ta Shehu Nasiru Kabara, suna hannun jama'a. Wannan magana tana da ƙarfi a kan aya. Amma ɗalibin da aka miƙa wa baiti daga diwanin da ba a yi wa sharhi ba, ko rubutun hannu na malaman ƙasar nan, ba shi da Jalalaini a gefe. Ba banza ba malaman zaure suka riƙe babin jam'ut taksir na Alfiyyar Ibnu Malik (ya rasu 1274), Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya keɓe wa sarfu littafi sukutum, Alhisnur Rasin. Ban da haka, su kansu masu tafsiri wani lokaci saɓaninsu a kan tilo yake, kuma wanda bai iya nemo tilo ba ba zai fahimci abin da suke jayayya a kai ba.

Afnaan ta aya ta 48 a Suratur Rahman ita ce misali. Mahalli ya ce jam'in fanan ce, reshen itace, ya auna ta da ɗalal. Ɗabari (ya rasu 923) ya fara da cewa tilonta fann ne, wato nau'i ko launi, sannan ya kawo maganar waɗanda suka ce rassa. Awo bai raba gardamar ba: af'aal shi ne jam'in fa'al na yau da kullum, amma kalmomi masu shadda irin su rabb da jadd su ma suna ba da arbaab da ajdaad. Ƙamus ya lissafa afnaan a ƙarƙashin kalmomin biyu, kuma aljanna mai rassa da aljanna mai nau'o'in ni'ima duk sun dace da surar. A ganina ɗalibin da ya rubuta tilo biyu a nan, kowanne da sunan malamin da ya faɗe shi, ya fi wanda ya zaɓi ɗaya ya yi shiru a kan ɗayan cancantar cikakken maki, ko da takardar amsoshin malami fanan kaɗai ta ƙunsa.