Barin shago ko mangaza wata shida kafin wa'adi: nawa ne kuɗin fita?

Jama'a masu sauraronmu na Gaya da kewaye, da ƴan uwa da ke karanta mu daga Yamai, Kwatano, Kamba ko Legas, tun da aka rufe gadar da ta haɗa mu da Malanville bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, tambaya guda ke yawan dawowa a bakin ƴan kasuwa: na kama mangaza saboda kayan da ke shigowa daga tashar ruwan Kwatano, yanzu motoci sun daina zuwa, in na miƙa makulli na tafi, me zan biya? Amsar tana cikin takardar haya da kuma ranar da mutum ya sanar da mai gida. Mun tattara bayanin a nan, da lissafi guda da kowa zai iya sake yi da nasa alƙaluman.

Wace doka ke aiki?

Hayar shago, mangaza, gareji ko ofis a Nijar tana ƙarƙashin dokar kasuwanci ta ƙungiyar OHADA, wadda aka sabunta a Lome ranar 15 ga Disamban 2010. Ayoyi na 101 zuwa 134 su ne suka yi magana kan hayar wurin sana'a. Benin ma tana cikin OHADA, don haka wanda ke da shago a Malanville wannan doka ce a kansa. Najeriya ba ta ciki, saboda haka mai shago a Kamba kada ya ɗauki wannan bayani ya kai can. Hayar gidan kwana ita ma tana da nata ka'idoji daban. Abin da muke magana a kai yau wurin neman abinci ne.

Dokar ta raba haya gida biyu. Akwai mai wa'adi, kamar a rubuta shekara biyu daga ranar kaza zuwa ranar kaza. Akwai kuma marar wa'adi. Aya ta 104 ta ce in babu takarda, ko kuma akwai takarda amma ba a sa ranar ƙarewa ba, to hayar marar wa'adi ce. Yawancin shagunan da aka kama da baki da shan hannu a nan suke.

Mene ne sharaɗin fita?

Sharaɗin fita layi ne cikin kwantaragi da ke ba ɗan haya izinin tashi kafin wa'adi ya cika. Doka ba ta bayar da shi kyauta a haya mai wa'adi ba, sai in an rubuta. Yawanci yana da sassa uku. Na farko, daga yaushe ne ake iya amfani da shi, misali bayan shekara guda da shiga. Na biyu, wata nawa za a sanar da mai gida kafin a tashi. Na uku, tarar da za a biya, wadda galibi ake ƙirgawa da watannin haya.

Tarar nan ba wasa ba ce. Dokar farar hula da muka gada, a aya ta 1134, ta ce yarjejeniyar da aka ƙulla bisa ka'ida ita ce doka tsakanin waɗanda suka ƙulla ta. Aya ta 1152 kuma ta ce in an rubuta adadin da mai saɓawa zai biya, wannan adadin ake bi. Don haka kada mutum ya sa hannu yana cewa a ransa alƙali zai rage masa daga baya.

Mu yi lissafi

Mu ƙaddara wani ɗan kasuwa ya kama mangaza kusa da hanyar gada, jika 60 a wata, wato sefa 60,000. Kwantaragin na shekara biyu ne, ya fara 1 ga Janairu, zai ƙare ƙarshen Disamban shekara ta biyu. Ya ajiye kuɗin wata biyu, jika 120, a matsayin kuɗin ajiya da muke cewa kosiyon. Yanzu yana so ya tashi ƙarshen Yuni na shekara ta biyu, saura wata shida.

Abu na farko da zai rubuta shi ne kuɗin zama: wata 6 sau jika 60, jika 360 ke nan. Wannan shi ne ma'auni. Duk hanyar fitar da ta kai wannan adadi ko ta wuce shi ba ta da amfani, gara ya riƙe makullinsa har Disamba.

Hali na farko: akwai sharaɗin fita

Mu ce takardar ta ce a sanar wata uku kafin tashi, a kuma biya tarar wata biyu. In ya kai sanarwa kafin ƙarshen Maris, watannin Afrilu, Mayu da Yuni yana cikin mangazarsa yana aiki, ba asara ba ce. Ranar tashi sai ya biya tara kawai, jika 120. Ya tsira da jika 240 daga cikin 360.

Amma in ya yi shiru har ƙarshen Yuni, sannan ya zo ya ce yau zan tashi, lissafi ya sauya. Wata ukun sanarwa sai daga ranar za su fara, kuma zai biya su ko yana ciki ko ba ya ciki: jika 180. A ƙara tarar jika 120, ya zama 300. Abin da ya tsira da shi jika 60 ne kacal. In kuma ya ƙara jinkirin wata guda, saura wata biyar, kuɗin fita 300, kuɗin zama 300, fitar ba ta rage masa ko dala ba.

Ga ka'idar a taƙaice: ka haɗa watannin sanarwa da watannin tara, ka gwada su da watannin da suka rage daga ranar da ka sanar. In sun yi daidai ko sun fi, ƙofar fita ta riga ta rufe.

Hali na biyu: akwai wa'adi, babu sharaɗin fita

A nan ɗan haya ba shi da ikon warware kwantaragi shi kaɗai. In ya tattara kayansa ya tafi, shi ne ya saɓa, kuma mai gida na iya neman har jika 360 ɗin gaba ɗaya. Sai dai aya ta 1760 ta dokar farar hula ta ce in an warware haya saboda laifin ɗan haya, zai biya kuɗin lokacin da ake buƙata kafin a samu wani ya shiga. Ke nan in sabon ɗan haya ya shiga 1 ga Satumba da jika 60 ɗin, asarar mai gida wata biyu ce, jika 120, kuma a kan wannan za a yi ciniki. In sabon ya shiga da jika 50, mai gida zai so a ƙara masa giɓin jika 10 na wata huɗu, wato 40, ya zama 160.

Shi ya sa dabara mafi araha ita ce mai tashi ya nemo wanda zai gaje shi. Amma a kula, aya ta 121 ta hana ɗan haya ya ba wani hayar wurin a ƙarƙashinsa sai in kwantaragi ya yarda ko mai gida ya amince. Kada a sa ƙane ko aboki a ciki a ɓoye.

Hali na uku: babu takarda

Mutane da yawa na zaton tun da ba a rubuta komai ba, ranar da suka ga dama za su tashi. Aya ta 125 ta ce a haya marar wa'adi, duk wanda ke son rabuwa, mai gida ko ɗan haya, sai ya sanar aƙalla wata shida kafin lokaci. Wannan aya tana cikin waɗanda doka ta ce ba a kauce musu da yarjejeniya. Ɗan kasuwarmu in da baki ya kama wurin, ya tashi yau ba sanarwa, jika 360 ɗin nan dai ita ce za a iya bin sa. In ya sanar tun ƙarshen Disamba, zai fita ƙarshen Yuni ba tara ko ta dala.

Sanarwar kuma sai da shaida. Doka ta ce a bi ta hannun wisiye, ma'aikacin shari'a mai kai takardu, ko ta wata hanya da ke tabbatar da cewa mai gida ya karɓa. Wasiƙa kwafi biyu, ya sa hannu da kwanan wata a kan taka, ta fi saƙon baki ta hannun yaron gida.

Kosiyon da kuɗin da aka biya gaba

Kosiyon ba hayar watannin ƙarshe ba ce, kuma ba tara ba ce, sai in an rubuta haka. Amfaninta gyaran ɓarna da biyan bashin da aka bari. Mu koma hali na farko, wanda ya sanar a kan lokaci. Tara jika 120, gyaran ƙofa da fenti jika 35, sauran kuɗin wutar NIGELEC jika 15, jimla 170. A cire kosiyon 120, zai ciro jika 50 daga aljihu.

In kuwa ya riga ya biya shekarar gaba ɗaya tun Janairu, jika 720, to shi ke bin mai gida. Wata shidan da bai zauna ba 360, a ƙara kosiyon 120, ya zama 480, a cire 170, saura jika 310 da za a maido masa. Sai dai a duba takarda da kyau. In ta ce kuɗin da aka biya gaba ba ya dawowa, ainihin tararsa wata shida ce, ko da ba a kira ta tara ba.

Ga ƴan uwa na waje da ke aiko da kuɗin hayar shagon iyali: ku nemi a turo muku hoton kwantaragin, ku yi lissafin da sefa, sannan ku juya shi zuwa naira da canjin ranar biya.

Rufe iyaka fa?

Rufe gada bai warware haya da kansa ba, domin mangazar tana nan, mai gida bai hana ka ita ba. Daina biya ma ba mafita ba ne. Aya ta 133 ta ba mai gida damar aiko da takardar gargaɗi, in wata guda ya wuce ba a biya ba ya kai kotu a warware hayar a fitar da mutum, bashin kuma yana nan a wuyansa.

Mu mutanen bakin iyaka mun ga Najeriya ta rufe tata daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, mun kuma ga ta 2023. Mai shirin sa hannu a sabon kwantaragi yana iya neman a rubuta cewa in iyaka ta yi wata uku a rufe, zai iya fita da sanarwar wata guda da tarar da aka ambata da lamba. Wanda kuma ya daidaita da mai gida kan fita yau, ko a gaban dattawan kasuwa aka yi, a rubuta adadin da ranar miƙa makulli da lambar mitar wuta, a ƙara cewa babu sauran bashi, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafinsa.