Asalin Kalma: Ranka ya daɗe

Ranka ya daɗe addu'a ce ta neman tsawon rai, daga rai da kuma daɗe, wato jimawa. Ga mace akan ce ranki ya daɗe. A birnin Zazzau gidanta fada ne, inda ake gai da Sarki da hakimai da masu sarauta irin su Waziri da Galadima da Madaki, tare da 'yan'uwanta kamar Allah ya ja zamaninka. Daga can ta shiga ofisoshin En'e, ta zama gaisuwar duk wanda ke gaba da kai a aiki.

Inda matasa ke tuntuɓe shi ne rashin sanin wa ta dace da shi. A ce ƙaramin ma'aikaci a wata makaranta cikin ganuwa zai aika wa dattijon shugabansa saƙon neman hutu. Sai ya fara da sallama, ya rubuta Ranka ya daɗe, barka da war haka, ya tambayi lafiya da iyali, sannan ya kawo buƙatarsa da lafazin roƙo: ina neman alfarma. Sunan yanka tsirara ba ya shiga. Malam ko Alhaji ko sarautarsa ce ke gaba. Idan kuwa dattijon malamin addini ne ko alƙali, Allah ya gafarta Malam ta fi dacewa, domin ita ce gaisuwar masu ilimi.

Wasu kan cusa ta a kowace jimla, har ta koma fadanci. Sau ɗaya a farko, sau ɗaya a ƙarshe kafin a huta lafiya, ya wadatar.